Awa Takwas a Shekara: Yadda Ake Tsara Ajandar Zaman Daraktoci

Ƙa'idojin tafiyar da kamfanoni na 2018 da Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta Najeriya ta fitar sun nemi daraktocin kamfani su riƙa zama aƙalla sau ɗaya duk wata uku. Sau huɗu ke nan a shekara. Idan kowane zama ya ɗauki awa biyu, to awa takwas kacal waɗannan mutane suke da ita a wata goma sha biyu don duba dukiyar da aka ba su amana. A cikin wannan ɗan lokaci za su duba asusu, su amince da cin bashi ko su hana, su auna aikin manaja, su hango matsala tun ba ta iso ba. Haka abin yake, ko ma ya fi haka matsi, ga kwamitin amintattun gidauniya, ko na ƙungiyar gama kai ta manoma, ko na makarantar al'umma, inda kowa sa kai ya yi kuma yana da nasa abin yi a gida.

Takardar da ke raba wannan awa takwas ita ce ajanda. A wurare da yawa takarda ce ta layi bakwai ko takwas da sakatare ke bugawa da safiyar ranar zama: addu'a, jawabin shugaba, rahoton zaman baya, rahoton manaja, harkar kuɗi, sauran batutuwa, addu'ar rufewa. Wanda ya karanta ta bai san me za a nema a wurinsa ba, bai san abin da zai ci lokaci ba, bai kuma san ko yau ne za a ɗora wa kamfani bashin da zai yi shekara yana biya ba. Ajandar da ke aiki tana faɗa wa darakta abu uku a kan kowane batu tun yana gida: me ake so ya yi a kai, minti nawa aka ware masa, wace takarda kuma zai karanta kafin ya zo.

Don maganar ta zauna, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ga wani ƙaramin kamfanin casar shinkafa a yankin Kura da ke jihar Kano, mai daraktoci tara. Kaka ta gabato, manaja yana so a ci bashin naira miliyan 60 daga banki a sayi shanshera a ajiye, a riƙa casa a hankali har zuwa lokacin da za ta yi tsada a kasuwa. Alƙaluman duk na misali ne, amma irin wannan shawara ita ce ke tayar da kamfani ko ta durƙusar da shi.

Alama uku

Duk batun da zai shiga ajanda ana sa masa ɗaya daga cikin alamomi uku, da manyan baƙaƙe, a gefen da ido zai fara sauka. SANARWA na nufin a karanta a sani, ba a neman komai. TATTAUNAWA na nufin ana son jin ra'ayi, amma yau ba za a ɗaure kamfani da wata magana ba. YANKE SHAWARA na nufin ba za a tashi daga kan batun ba sai an ce e, ko a'a, ko an ɗage shi da dalili da rana.

Alama kaɗai ba ta wadatar ba sai an gyara yadda ake rubuta batun kansa. Idan aka rubuta "maganar shanshera", kowane darakta zai zo da tasa fassarar. Wani zai ɗauka farashi za a tattauna, wani zai zo da ƙorafin dillalai, wani kuma ya ga abu ne da ba sai ya halarta ba. Amma idan aka rubuta "YANKE SHAWARA: amincewa da cin bashin naira miliyan 60 na wata shida don sayen shanshera buhu 1,500", babu wanda zai ce ba a gaya masa ba. Daraktan da ke Abuja ko Legas zai san wannan zama ba na aiko uzuri ba ne.

Akwai dalilin doka da ya sa nake ganin wannan alama ta fi komai nauyi a takardar. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020, idan tsarin mulkin kamfani bai faɗi wani abu dabam ba, mutum biyu sun isa zama ya halatta matuƙar daraktoci ba su wuce shida ba. Idan sun wuce shida, kashi ɗaya cikin uku ake nema. A kamfaninmu na misali, mutum uku cikin tara sun isa. Shawara kuma da rinjayen ƙuri'a ake yanke ta, wato biyu daga cikin ukun nan za su iya ɗaure kamfani da bashin miliyan 60, sauran suna gida ba su ma san da maganar ba. A Nijar, inda ake bin dokokin kasuwanci na OHADA, sai rabin mambobi sun halarta, amma ko a can ɗin mutum ba ya tsayuwar daka ya halarci zaman da bai san nauyinsa ba. Rubuta YANKE SHAWARA a fili shi ne ke ba kowane darakta damar zuwa ya kare amanarsa.

Rabon lokaci

Ga yadda ajandar wannan zama za ta kasance, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu na rana:

10:00 Addu'a, uzurori, tabbatar da cikar adadi, bayyana moriya. Minti 5.
10:05 YANKE SHAWARA a dunƙule: rahoton zaman baya da sabunta inshorar sito. Takarda ta 1. Minti 5.
10:10 TATTAUNAWA: ayyukan da aka ɗora wa mutane a zaman baya. Takarda ta 2. Minti 10.
10:20 TATTAUNAWA: asusun wata uku. Takarda ta 3. Akanta. Minti 15.
10:35 YANKE SHAWARA: bashin naira miliyan 60. Takarda ta 4. Manaja. Minti 35.
11:10 YANKE SHAWARA: hayar ƙarin sito na wata shida. Takarda ta 5. Manaja. Minti 15.
11:25 TATTAUNAWA: tsadar man janareto da yiwuwar sa sola. Takarda ta 6. Minti 20.
11:45 SANARWA: rahoton manaja. Takarda ta 7. Tambayoyi kawai. Minti 5.
11:50 Sauran batutuwa. Minti 5.
11:55 Karanta ƙudurori, ranar zama na gaba, addu'a. Minti 5.

Abu na farko da mai karatu zai lura shi ne ba a raba lokacin daidai wa daida ba. Bashi ya samu minti 35, rahoton manaja ya samu 5. A ajandar da aka saba, akasin haka ne: manaja ya miƙe ya yi minti arba'in yana karanta abin da kowa zai iya karantawa a gida, sai an gaji, ana hamma ana duba agogo, sannan a ɗauko maganar bashi.

Tun a 1957 wani masanin tarihi ɗan Ingila, C. Northcote Parkinson, ya bayyana wannan cuta da wani misali da ya ƙirƙira. Kwamitin kuɗi ya zauna da batutuwa uku a gabansa. Na farko aikin makamashin nukiliya ne na fam miliyan goma, aka amince da shi cikin minti biyu da rabi. Na biyu rumfar ajiye kekunan ma'aikata ce ta 'yan ɗaruruwan fam, aka yi minti 45 ana gardama a kanta. Na uku kuɗin abin sha na wani ƙaramin kwamiti, shi ya cinye awa ɗaya da kwata, kuma aka tashi ba a gama ba. Dalilin da ya bayar shi ne babban aiki ya fi ƙarfin fahimtar yawancin mutanen, kowa yana jin nauyin nuna bai gane ba, sai a yi shiru. Rumfa kuwa kowa ya san kwano da katako, kowa yana da abin faɗa. Duk wanda ya taɓa zama a kwamiti a ƙasar nan ya ga irin wannan: a yi rabin awa a kan launin rigar ma'aikata ko kuɗin abincin baƙi, maganar miliyoyi kuma a ce "ai manaja ya fi mu sani". Ware minti a takarda yana hana ƙaramin batu kumbura, yana kuma tilasta wa mutane su daɗe a kan babba ko da sun so gudu.

Jerin ma da dalilinsa. Asusu ya zo kafin bashi domin ba a sanin ko kamfani zai iya biya sai an ga abin da ke hannunsa da abin da ake binsa. Hayar sito ta biyo bayan bashi domin idan aka ƙi bashin, maganar sito ta faɗi da kanta, an samu rarar minti 15. Maganar sola, duk da muhimmancinta, an sa ta a bayan shawarwarin biyu da gangan: idan lokaci ya ƙure, ita za a ɗaga zuwa zama na gaba ba tare da an yi asarar komai ba. Kowace ajanda tana buƙatar batu ɗaya irin wannan da shugaba da sakatare suka san za a iya sadaukarwa. Manyan shawarwari kuma ana sa su ne a tsakiyar farkon zama, lokacin da masu latti sun iso, masu sauri kuma ba su fara zamewa ba.

Batun ƙarfe 10:05 yana buƙatar ɗan bayani. Akwai abubuwan da dole sai daraktoci sun amince da su amma ba wanda ke jayayya a kansu. Ana haɗa su wuri ɗaya, shugaba ya tambaya ko akwai wanda yake so a cire wani a tattauna shi dabam. Idan mutum ɗaya ya nema, an cire, ba sai ya kawo hujja ba. Idan babu, a amince da su gaba ɗaya. Sharaɗin shi ne kada a taɓa cusa wani abu mai nauyi a cikin wannan ƙunshi don ya wuce ba a gani ba. Ranar da daraktoci suka gano an yi musu haka, sun daina yarda da ƙunshin har abada, kuma da gaskiyarsu.

Ana rubuta ƙarfe nawa za a fara kowane batu, ba tsawonsa kaɗai ba, don kowa ya iya duba agogonsa ya san inda aka kwana. A kuma yi la'akari da salla tun wurin tsarawa. Zaman da aka fara bayan La'asar yana da iyaka, Magariba ba ta jiran kowa, kuma da wuya a dawo a cika bayanta.

Takardar da ta cancanci minti 35

Minti 35 ba za su yi amfani ba idan daraktoci sun zo hannu rabbana. A nan ne takarda ta 4 take shigowa, kuma a nan ne yawancin kwamitoci suke faɗuwa. Wasu ba sa haɗa komai, sai bayanin baka. Wasu kuma su haɗo shafi sittin, da wasiƙun banki da tsofaffin rasitai, wanda shi ma hanya ce ta hana mutum gani, ko da ba da nufi aka yi ba.

Takardar yanke shawara tana farawa da shafi ɗaya, in ta yi yawa biyu. Layin farko shi ne ainihin ƙudurin da ake so a zartar, a rubuce yadda zai shiga rahoton zama: "Daraktoci sun amince kamfani ya ci bashin da bai wuce naira miliyan 60 ba, na wata shida, a kan kuɗin ruwan da bai wuce kashi 30 cikin ɗari a shekara ba, don sayen shanshera kawai, kuma sun ba manaja da shugaba izinin sa hannu." Duba yadda kowace kalma take da aiki. An sa iyakar kuɗi, an sa iyakar ruwa, an faɗi abin da za a saya, an faɗi masu sa hannu. Idan banki ya dawo ya ce ruwansa kashi 34 ne, manaja ba shi da izini, sai ya komo wurin daraktoci.

Daga nan sai lissafi, a bayyane yadda wanda bai karanta harkar kuɗi ba zai bi. Miliyan 60 a kan naira 40,000 kowane buhu ya ba da buhu 1,500. Ruwan kashi 30 a shekara, na wata shida, ya kama miliyan 9, wato naira 6,000 a kan kowane buhu. Hayar sito, dako, gadi da maganin ƙwari, a ce naira 1,500 kowane buhu. Buhun da aka saya 40,000 ya koma 47,500 ke nan kafin a taɓa shi. Ma'ana, sai farashin shanshera ya tashi da kusan kashi 19 cikin ɗari a wata shida kafin ajiyar ta fi saye kaɗan-kaɗan daga kasuwa riba, ba a ma sa ragin nauyin da take yi idan ta ƙara bushewa ba. Wannan lamba guda, 47,500, ita ce zuciyar takardar. Da ita hajiyar da ta shekara talatin tana cinikin hatsi za ta iya cewa ta ga shekarun da farashi ya tashi fiye da haka, ta kuma ga shekarar da aka buɗe ƙofar shigo da shinkafa farashi ya faɗi. Ba tare da lambar ba, iliminta ba shi da inda zai kama.

Bayan lissafi sai zaɓi. Takardar da ta zo da hanya ɗaya tak, umarni ce aka kawo wa daraktoci su sa hannu. Ya kamata a ga aƙalla uku: a ci miliyan 60, ko a ci rabi a sayi buhu 750, ko kada a ci komai a ci gaba da saye daga kasuwa, kowanne da abin da zai jawo. Sai abin da zai iya lalacewa: me aka ba banki jingina, me zai faru idan farashi bai tashi ba, idan injin ya tsaya wata guda da me za a biya. A ƙarshe manaja ya faɗi wanda yake ba da shawara a ɗauka, da dalilinsa, ya sa sunansa da kwanan wata. Wasiƙar banki da sauran hujjoji su biyo baya a matsayin rataye, ga mai son tonawa.

Kowace takarda tana ɗauke da lambarta a saman shafi, lambar da ke cikin ajanda, da lambar shafi a ƙasa. Abu ne ƙarami, amma wanda ya taɓa ganin mutum tara suna juya takardu suna tambayar juna "wane shafi muke?" ya san minti nawa ke tafiya a haka. Idan ta waya za a aika, a haɗa komai a fayil ɗaya na PDF, a jere yadda ajanda ta jera. Turo hotunan shafuka ɗaya-ɗaya a WhatsApp, yau uku gobe biyu, jibi a ce an gyara na jiya, shi ke sa a zo zama wani yana riƙe da miliyan 60 wani yana riƙe da 55.

Yaushe za ta isa hannu

Dokar kamfanoni ta ce a ba kowane darakta sanarwar zama a rubuce kwana 14 kafin ranar, sai dai idan tsarin mulkin kamfanin ya tanadi wani abu dabam, kuma rashin ba da sanarwar yana ɓata zaman. Takardu kuwa, al'adar da aka fi bi ita ce su isa mako guda kafin zama. Don hakan ya yiwu, baya-baya ake lissafi. Mako uku kafin ranar, shugaba da sakatare da manaja su zauna su tsara batutuwa, a tambayi sauran daraktoci ko akwai mai son sa wani abu. Saura kwana 14 sanarwa ta fita da ajanda. Saura kwana 10 masu rubuta takardu su miƙa wa sakatare, shi kuma yana da ikon mayar da wadda ba ta faɗi abin da take nema ba. Saura 7 komai ya tafi. Daraktan da ya ga abin da bai gane ba ya kira akanta ko manaja tun kafin ranar, don kada a ɓata lokacin mutum tara wajen yi wa mutum ɗaya bayanin abin da ke shafi na biyu.

Ƙa'idar da ke riƙe duk wannan ita ce: batun da takardarsa ba ta zo a kan lokaci ba, ba a yanke shawara a kansa. Ana iya sauke shi zuwa tattaunawa, amma ba za a kaɗa ƙuri'a ba. Za a yi ƙorafi a karon farko, manaja zai ce kaka ba ta jira, banki ya matsa. Idan gaggawar ta gaskiya ce, akwai hanyoyinta: a kira zama na musamman, ko a zagaya da ƙuduri a rubuce, wanda doka ta amince da shi idan duk daraktoci suka sa hannu. Amma a lura, duka ake nema a nan, ba rinjaye ba, kuma hakan kariya ce. Haka ma "sauran batutuwa" wurin gajerun sanarwa ne da neman a sa abu a zama na gaba. Duk lokacin da aka ga ana kawo maganar kuɗi ko naɗin muƙami a nan, minti biyar kafin tashi, to a yi hattara.

Riƙe agogo a gaban manya

Wannan shi ne wurin da takarda ke haɗuwa da tarbiyyarmu. A cikin daraktoci tara akwai dattijon da ya haifi shugaba, akwai wanda ya fi kowa hannun jari, akwai malamin da ba a katse shi. Yaya za a ce da irin waɗannan lokacinsu ya ƙare?

Amsar tana cikin minti biyar na farko. Shugaba ya karanta rabon lokacin, ya tambaya ko an amince, kowa ya ce ya amince. Daga nan agogon ya zama na kowa da kowa, har da dattijon. Sai a ɗora wa sakatare ya riƙa yin ishara idan saura minti biyar. Shugaba kuma yana da lafazin da zai yi amfani da shi ba tare da ya ci fuskar kowa ba: "Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, lokacin da muka ware wa wannan batu saura kaɗan. A taimaka mana da inda aka tsaya, a ci bashin ko kada a ci?" Dattijo ba ya jin zafin wannan, domin ra'ayinsa aka nema.

Cikin minti 35 ɗin ma akwai tsari. Manaja ya ɗauki biyar ya faɗi abin da ya sauya tun bayan rubuta takarda, ba ya sake karanta ta ba. Goma su tafi a tambayoyi. Goma sha biyar a zagaya a ji kowa, kuma ya fi kyau a fara da ƙanana da masu shiru, shugaba da manyan masu jari su zo daga baya, domin da zarar babba ya nuna inda ya karkata, da yawa za su ce "abin da Alhaji ya faɗa shi ne". Biyar na ƙarshe a karanta ƙudurin, a yi masa gyara idan akwai, a kaɗa ƙuri'a. Idan aka yi kunnen doki, doka ta ba shugaba ƙuri'ar raba gardama, ko da yake bashin da ya raba daraktoci gida biyu daidai ya cancanci a sake dubansa kafin a ɗauka.

Idan lokaci ya cika ba a kai ga matsaya ba, hanya uku ce, kuma a fili shugaba zai faɗe su: a ƙara minti goma a ɗauko su daga maganar sola, ko a kaɗa ƙuri'a yanzu, ko a ɗage tare da faɗin abin da ya rage a sani, wa zai kawo shi, da wace rana. Abin da ba a so shi ne a bar magana ta yi ta jan jiki har ta cinye na bayanta ba wanda ya zaɓi hakan.

Dole kuma a faɗi inda wannan tsari ke iya zama makami. Shugaban da ke son abu ya wuce zai iya ware masa minti biyar, ya ce lokaci ya ƙure da zarar an fara tambayoyi masu zafi. Shi ya sa amincewa da ajanda a farkon zama ba al'ada ce kawai ba. Kowane darakta yana da damar cewa minti goma ba za su ishi wannan batu ba, a ƙara. Idan aka hana shi sa batu gaba ɗaya, doka ta ba kowane darakta ikon neman a kira zama. An sa lokaci ne don kowa ya samu magana, kuma duk inda aka mayar da shi abin toshe baki, daraktoci su ƙi.

Maganar sito tana da nata darasin. A ce siton da za a yi haya na ƙanin ɗaya daga cikin daraktoci ne, kuma shi daraktan yana da kaso a ciki. Doka ta wajabta wa darakta ya bayyana wa zama duk wata moriya da yake da ita a kwangilar da kamfani zai shiga. Da yake batun yana rubuce a fili mako guda kafin zama, ya samu lokacin da zai shirya, ya faɗa a ƙarfe goma, a rubuta, ya fita idan aka zo wurin, ya dawo bayan an gama. Mutuncinsa ya tsira, na kamfani ma haka. Da a ce maganar ta faɗo ne kwatsam, ko dai ya yi shiru ya shiga matsala daga baya, ko a tona a gabansa a ji kunya.

Mai son sanin ko ajandar kwamitinsu tana aiki ba sai ya yi dogon bincike ba. Ya ɗauko rahoton zama uku na baya ya duba. Idan ya ga "an tattauna sosai" ya fi "an amince" da "an ƙi" yawa, alamomin ba sa aiki. Idan batu ɗaya ya bayyana sau uku ba a gama da shi ba, takardarsa ba ta faɗin abin da ake nema. Idan manyan kuɗaɗe suna fitowa a ƙarƙashin sauran batutuwa, ko kuma masu halarta a ƙarshen zama sun kai rabin na farkonsa da ƙyar, jerin ne ya karkace.

Minti biyar na ƙarshe na sakatare ne. Zai karanta kowane ƙuduri da babbar murya yadda aka zartar da shi, da adadin waɗanda suka yarda da waɗanda suka ƙi, da sunan wanda ya nemi a rubuta rashin amincewarsa. A misalinmu, wataƙila abin da zai karanta ya bambanta da wanda manaja ya kawo: an amince da miliyan 30, buhu 750, manaja zai kawo wasiƙar banki ta ƙarshe cikin kwana goma, akanta kuma zai riƙa aiko da farashin shanshera duk ƙarshen wata. Cikin kwana biyu wannan jeri na wa zai yi me, zuwa yaushe, ya isa wayar kowa, tun kafin cikakken rahoto ya fito. Shi ne zai zama takarda ta 2 a zama mai zuwa, a ƙarfe 10:10, inda za a bi shi layi-layi a ji wanda ya cika da wanda bai cika ba.